DNSSEC: yadda ake sa hannu a amsar DNS, da abin da ke faruwa idan makullai suka saɓa

DNSSEC wani ƙari ne da aka ɗora a kan tsarin DNS, mai fassara sunan domen zuwa adireshin saba, domin mai tambaya ya iya tabbatar da cewa amsar da ya samu daga wajen mai domen ɗin ta fito, ba wani ne ya canza ta a hanya ba. Ƙa'idojin da ake aiki da su yanzu sun fito ne a RFC 4033 da 4034 da 4035 a shekarar 2005, sannan aka sa hannu a tushen DNS na duniya a watan Yulin 2010. DNSSEC ba ya ɓoye komai fa, duk wanda ke kan hanya zai iya ganin tambayarka da amsarta, aikinsa kawai shi ne ya nuna amsar ta gaskiya ce ko ta jabu.

Yadda sa hannun yake shi ne, kamfanin da ke riƙe maka DNS, wato hostin, yana da makulli mai ɓari biyu, ɗaya na sirri da ba ya fita waje, ɗaya kuma na kowa da kowa da ake wallafawa a rikod mai suna DNSKEY. Da na sirrin ake sa hannu, kuma ba rikod ɗaya-ɗaya ake sa wa hannu ba, duk rikod masu suna ɗaya da nau'i ɗaya ake haɗawa a dunƙule, misali idan www na da adireshin A guda uku to sa hannu ɗaya ne ya rufe su duka. Wannan sa hannun yana zama a rikod ɗin RRSIG, kuma a cikinsa akwai ranar da ya fara aiki da ranar da zai mutu da lambar makullin da ya yi shi. Yawanci makullan iri biyu ne: ZSK mai alamar nau'i 256 shi ke sa wa rikod na yau da kullum hannu, KSK mai alamar nau'i 257 kuma aikinsa ya sa wa jerin DNSKEY ɗin kansa hannu.

To amma wa zai tsaya wa KSK ɗin shaida, tunda ɗan damfara ma zai iya ƙirƙiro nasa makullin ya sa hannu? A nan ne rikod ɗin DS ya shigo, kuma shi ba a wajen hostin yake zama ba, yana zama ne a sama, wajen uwar domen ɗin. Idan domen ɗinka example.com ne to DS ɗinka yana cikin .com, wanda Verisign ke gudanarwa, kuma kai ba ka da hanyar kai shi can sai ta kamfanin da ka yi rajistar domen a wajensa, wato rijistara. DS kamar dangwalen yatsan KSK ne, lissafi ne da aka fitar daga sunan domen haɗe da makullin, harafi ɗaya ya canza a makullin to dangwalen ya canza gaba ɗaya. Yana ɗauke da abu huɗu, lambar makulli, lambar salon sa hannu kamar 8 ko 13, nau'in dangwalen wanda yawanci 2 ne wato SHA-256, sai dangwalen kansa.

Sabar da ke nemo wa mutane amsa, irin su 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, ta riga ta san makullin tushe tun daga gida, wanda aka koma kansa ran 11 ga Oktoba 2018 lambarsa 20326. Daga nan take gangarowa, tushe ya shaidi DS ɗin .com, .com ya shaidi DS ɗinka, DS ɗinka ya dace da KSK, KSK ya shaidi ZSK, ZSK kuma ya shaidi amsar. Idan komai ya yi daidai sai ta miƙa amsar da alamar ad a jikinta. Idan babu DS a sama kwata-kwata ma ba matsala, sai ta ɗauke shi a matsayin domen da ba ya sa hannu ta ba da amsa yadda aka saba. Inda ake shiga uku shi ne a ce akwai DS amma bai dace da kowane makulli ba, saboda a wajen sabar wannan bai da bambanci da harin ɗan kutse, don haka sai ta ƙi ba da amsa gaba ɗaya ta ce SERVFAIL.

Ga yadda abin ya fi faruwa. A ce example.com na kan tsohon hostin da DNSSEC a kunne, KSK ɗinsa lamba 41207, DS ɗin da ke .com shi ma 41207. Mai domen ya koma sabon hostin, ya kwashe rikod ɗinsa tsaf, ya shiga wajen rijistara ya canza NS, wato rikod ɗin da ke nuna sabobin da ke riƙe da DNS ɗin domen, bai ma tuna da wani DS ba don shekarun baya aka saka shi. Sabon hostin ko dai ba ya sa hannu, ko yana yi da nasa makullin, mu ce 9083. Yanzu .com na cewa a nemi 41207, domen kuma na nuna 9083 ko ba ya nuna komai.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba lokaci ɗaya yake mutuwa ba, kuma ba ga kowa ba. Sabobin da ke riƙe da tsohuwar amsa za su ci gaba da aiki har lokacinta ya ƙare, waɗanda ba sa tantance sa hannu kuwa ba abin da ya dame su, shi ya sa za ka ga shafin na buɗewa a wayar mai shi amma kwastomominsa na ta kira wai ba ya shiga, imel ma ya daina zuwa daga wasu wurare. Sai a yi ta zargin sabar shafin alhali lafiyarta ƙalau. Gwajin da ke raba gardama shi ne:

```
dig @8.8.8.8 example.com A
dig @8.8.8.8 example.com A +cd
dig @8.8.8.8 example.com DS +short
dig @8.8.8.8 example.com DNSKEY +cd +multi
```

Shi +cd yana ce wa sabar kar ta tantance. Idan na farko ya ba da SERVFAIL na biyu kuma ya kawo adireshi, to matsalar DNSSEC ce. Na uku zai nuna 41207 a farkon layi, na huɗu zai nuna key id na kowane makulli, idan babu 41207 a cikin masu 257 to ga ɓarakar nan. Wasu sabobin har dalili suke faɗa, lambar kuskure EDE 9 na nufin ba a ga DNSKEY da ya dace da DS ba, EDE 7 kuma sa hannu ne ya mutu, wanda wata cutar ce daban, maganinta na wajen hostin. Shafin DNSViz ma yana zana sarƙar ya nuna inda ta katse.

Gyaran a wajen rijistara yake, ko a goge tsohon DS ko a saka na 9083 da sabon hostin ya bayar. Sai dai ba nan take zai warke ba, don DS a .com yana da TTL, wato wa'adin da saba za ta riƙe amsa, na daƙiƙa 86400, kwana ɗaya cur, duk sabar da ta ɗauki tsohon za ta iya riƙe shi har lokacin ya cika, kuma ba ka da ikon tilasta wa duka su sake shi.

Shi ya sa tsarin ƙaura mafi sauƙi a jere ake bin sa. A fara goge DS amma a bar tsohon hostin ya ci gaba da sa hannu, a jira kwana ɗayan nan ya wuce, sannan a canza NS. Mutane da yawa a nan suke gaggawa su saka sabon DS, alhali NS a .com TTL ɗinsa 172800 ne, kwana biyu, kuma sabar da har yanzu ke zuwa tsohon hostin za ta ga sabon DS da tsohon makulli, ka ga an koma gidan jiya. A jira kwana biyun, a kunna sa hannu a sabon wuri, a ga DNSKEY ya bayyana, sai a saka DS a ƙarshe. A ɗan tsakanin nan domen ba shi da kariyar DNSSEC, wanda ba zai lamunci hakan ba sai ya saka DS biyu tare ya sa kowane hostin ya wallafa makullan ɗayan, wannan kuma sai kamfanonin biyu sun yarda a shigo da makullin waje. Akwai kuma rikod ɗin CDS da CDNSKEY na RFC 7344, da hostin ke wallafawa don uwar domen ta ɗauki sabon DS da kanta, amma ba kowane rijistara ne ke duba su ba, gara mutum ya tambaya kafin ya dogara da su.