Waiwaye: Yadda Aka Gano Cewa Tantanin Ƙwayar Halitta Ruwa-ruwa Ne

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta tsiro ko ta bakteriya, tana naɗe ne a cikin wani tantani siriri wanda kaurinsa bai wuce nanomita 7 zuwa 8 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da yake madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya iya nuna abu mai wannan sirantaka, masana sun daɗe suna gano sifarsa ta hanyar lura da halayensa tun kafin su gan shi da ido. A ƙarshen shekarun 1890 Charles Ernest Overton ya lura cewa sinadaran da ke narkewa a mai sun fi saurin shiga ƙwaya a kan waɗanda ke narkewa a ruwa kaɗai, don haka ya ce lalle tantanin maiƙo ne.

A shekarar 1925, a birnin Leiden na ƙasar Holan, Evert Gorter da François Grendel suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a saman ruwa har ya zama shimfiɗa ɗaya tal, suka auna faɗinsa. Sai suka tarar ya kai kusan ninki biyu na faɗin bayan ƙwayoyin da aka tatso shi daga gare su, suka yanke cewa maiƙon jere yake ruɓi biyu. Daga baya an gano cewa ba su tatso maiƙon duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin a lissafinsu, amma kuskuren biyu suka kashe juna, hukuncin ya fito daidai. Dalilin ruɓi biyun yana cikin ƙirar fosfolifid, wato babban maiƙon tantanin: yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. Tunda akwai ruwa a cikin ƙwaya kuma akwai shi a wajenta, kawunan sukan fuskanci ruwan ta kowane ɓangare, jelolin kuma su ɓuya a tsakiya.

Abin da ya rage shi ne matsayin furotin. A 1935 James Danielli da Hugh Davson suka ce furotin shafe yake a kan maiƙon ciki da waje, kuma hotunan madubin lantarki da J. David Robertson ya dogara da su wajen 1959, masu nuna layi biyu masu duhu da layi mai haske a tsakani, suka ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. Sai dai fasalin ya kasa amsa wasu tambayoyi. Yawancin furotin na tantani ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma rabuwa da maiƙon sai an sa sinadari irin na sabulu, alhali da a waje yake shafe, da ruwan gishiri ma ya isa ya wanke shi. Sannan a 1966 Daniel Branton ya nuna cewa idan aka daskarar da ƙwaya aka fasa ta, tantanin yakan tsage ne ta tsakiyar ruɓin biyu, kuma a fuskar da ta tsage ana ganin ƙananan ƙulalai birjik. Waɗannan ƙulalai furotin ne da ke nutse a cikin maiƙon.

Gwajin da ya fi kowanne fito da maganar motsi fili shi ne na Larry Frye da Michael Edidin a Jami'ar Johns Hopkins a 1970. Sun ɗauki ƙwayar ɓera da ƙwayar mutum, suka yi amfani da ƙwayar cutar Sendai wajen haɗe su suka zama ƙwaya guda mai tantani ɗaya. Suka yi wa furotin na ɓera alama da rini mai ƙyallin kore, na mutum kuma da rini mai ƙyallin ja. Da farko rabin ƙwayar kore ne, rabi ja, kowa yana ɓangarensa. Bayan kimanin minti 40 a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, launukan sun gauraye a yawancin ƙwayoyin. Abin da ya sa nake ganin wannan gwaji ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda suka toshe sauran ƙofofin bayani. Mai yiwuwa wani ya ce ƙwayar ce ta ƙera sabon furotin ta baza shi ko'ina, to sai suka sa maganin da ke hana ƙera furotin, gaurayar ba ta tsaya ba. Suka hana ƙwayar samar da makamashi, nan ma ba ta tsaya ba. Amma da suka sanyaya ƙwayoyin, sai gaurayar ta ja baya ƙwarai. Motsin da ba ya bukatar makamashin ƙwaya, amma sanyi yake daƙile shi, motsi ne irin na abin da ke yawo da kansa a cikin ruwa mai kauri.

Waɗannan hujjoji ne S. Jonathan Singer na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da Garth Nicolson suka tattara a maƙalarsu ta 1972 a mujallar Science, inda suka gabatar da fasalin mozayik mai ruwa-ruwa. Mozayik ado ne da ake haɗawa da gutsattsarin abubuwa mabambanta, kuma haka tantanin yake: furotin iri-iri a warwatse cikin shimfiɗar maiƙo, wani ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan yana aikin ƙofa ko famfo, wani yana manne a fuska ɗaya kawai, sarƙoƙin sukari kuma suna leƙowa ta waje kaɗai.

An kira shi ruwa-ruwa ne domin ƙwayoyin fosfolifid ba a ɗaure suke da juna da ɗaurin sinadari mai ƙarfi ba. Gudun ruwa da jelolinsu ke yi ne ya tara su wuri ɗaya. Saboda haka kowannensu yana juyawa a inda yake, jelolinsa suna lanƙwasawa, yana kuma musayar wuri da maƙwabtansa sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Amma motsin na gefe da gefe ne, a cikin shimfiɗa ɗaya. Tsallakawa daga ruɓin waje zuwa na ciki abu ne mai wuyar gaske, domin sai kan nan mai son ruwa ya ratsa tsakiyar maiƙo, shi ya sa ƙwaya take da furotin na musamman da ke yin wannan jigila, shi ya sa kuma fuskokin biyu suke iya bambanta da juna.

Yawan ruwa-ruwan ya dogara ne da zafi da kuma ƙirar jelolin. Jela miƙaƙƙiya tana matsuwa da 'yan'uwanta, amma wadda take da ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon takan karkace, ta hana su cushewa. Wannan ne ya sa man shanu yake daskarewa da sanyin hunturu alhali man gyaɗa yana nan yana tsiyaya. A ƙwayoyin dabbobi kolestarol yana shiga tsakanin jelolin, ya rage musu motsi idan zafi ya yi yawa, ya hana su daskarewa idan sanyi ya yi. Bakteriya kuwa, idan aka rene ta a sanyi, takan ƙara yawan jeloli masu karkata domin tantaninta ya ci gaba da aiki.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa furotin ba ya yawo sakaka kamar yadda zanen 1972 ya sa mutane suka ɗauka. A jajayen ƙwayoyin jini akwai ragar furotin mai suna sifektirin a ƙarƙashin tantanin da ke riƙe da wasu furotin, kuma idan aka gaji naƙasa a wannan raga ƙwayoyin sukan dunƙule, saifa ta riƙa lalata su, mutum ya yi fama da ƙarancin jini. A ƙwayoyin bangon hanji akwai matsattsen haɗi da ke hana furotin na fuskar da ke kallon abinci ya zarce zuwa fuskar da ke kallon jini, wanda ba don shi ba da tsotsar sukari zuwa jini ba ta tafi ta hanya ɗaya ba. A 1997 kuma Kai Simons da Elina Ikonen suka kawo bayanin ƙananan yankuna masu yawan kolestarol da suka fi sauran tantanin tauri, kuma har yanzu masana suna muhawara a kan girman waɗannan yankuna da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su watse.