Hatimin lauya, na ma'aikata da na ofishin jakadanci: wanne takardarka take bukata kafin ta yi aiki a waje?

Takardar da hukumar Najeriya ta bayar, ƙarfinta a cikin Najeriya yake. Jami'in da ke zaune a Dubai ko Alƙahira bai san sa hannun magatakardar jami'ar da ke Zariya ba, bai kuma taɓa ganin hatimin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba. Abin da ya sani shi ne sa hannun ƙaramin jakadan ƙasarsa da ke Abuja. Shi kuma ƙaramin jakadan, abin da yake da samfurinsa a ajiye shi ne sa hannun jami'an Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya. Haka abin yake gangarowa har kan wanda ya fara sa hannu a takardar. Kowane hatimi yana shaidar sa hannun da ya gabace shi ne kawai. Babu ɗaya daga cikinsu da yake cewa abin da ke rubuce a takardar gaskiya ne, kuma daga nan bambancin matakan uku ya taso.

Na farko shi ne aikin notari. Notari lauya ne, amma ba kowane lauya ne notari ba. Alƙalin Alƙalan Najeriya ne yake naɗa shi, sunansa kuma yana cikin rajistar da ake ajiyewa a Kotun Ƙoli. Dokar da ke tafiyar da aikinsu yanzu ita ce ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun zamanin Turawa. Abin da notari yake shaidawa iri biyu ne a yawancin lokaci. Ko dai ya ce mutumin nan ya zo gabansa, ya nuna fasfo ko katin shaida, ya sa hannu yana kallo, ko kuma ya ce an kawo masa takarda ta asali, ya gwada ta da kwafin, ya ga sun yi daidai. Iyakarsa ke nan. Idan aka kai masa digirin bogi da kwafinsa, ya buga hatimi, abin da ya shaida kawai shi ne kwafin ya yi daidai da abin da aka nuna masa. Bai kira jami'a ya tambaya ba, ba kuma aikinsa ba ne.

Mutane da yawa a Kaduna suna haɗa notari da kwamishinan rantsuwa da ke Babbar Kotun Jiha a titin Bida, inda ake yin takardar rantsuwar shekaru ko ta canjin suna. Rantsuwar kotu tana wadatarwa a banki da makaranta da wurin neman aiki a cikin gida. Idan hukumar wata ƙasa ta rubuta cewa hatimin notari take so, ta kotun ba za ta maye gurbinsa ba, sai dai a yi rantsuwar sannan a kai wa notari, ko a rantse a gabansa tun farko.

Mataki na biyu shi ne tantancewar hukuma, wanda masu shige da fice a harkar suke kira atesteshan ko otantikeshan. Nan gwamnatin Najeriya ce da kanta take cewa wannan sa hannu da wannan hatimi na jami'inta ne na gaskiya. Ƙarshen wannan mataki yana Sashen Shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, amma ma'aikatar ba ta karɓar kowace takarda kai tsaye. Takardar karatu sai ta fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, domin ita ce ta san ko makarantar da kwas ɗin suna da amincewar gwamnati. Takardar haihuwa kuma ta Hukumar Ƙidaya ake nema. Katin asibiti da aka ba uwa ranar haihuwa bai isa ba.

A nan akwai wani ruɗani da yake jawo asarar kuɗin mota. Baligin da ba a yi masa rajista yana ƙarami ba, Hukumar Ƙidaya tana ba shi wata takarda da ita ma ake kira atesteshan, bayan ya kawo rantsuwar shekaru daga kotu. Wannan madadin takardar haihuwa ce kawai, wato ita ce farkon tafiyar. Ba ta ɗauke wa mutum zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje ba. Sannan ƙasashen Larabawa irin su Daular Larabawa da Ƙatar, idan suka ce atesteshan, dukan matakan suke nufi har da hatimin ofishin jakadancinsu. Saboda haka idan aka rubuto maka kalmar, ka tambayi mai rubutowar hatiman wa da wa yake son gani.

Na uku shi ne halaltawar ofishin jakadanci, wato ligalaizeshan. Ofishin jakadancin ƙasar da za a kai takardar yana duba hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya gwada sa hannun da samfurin da ke wurinsa, ya ɗora nasa. Da wannan hatimi ne takardar take samun karɓuwa a ƙasar, kuma a wannan ƙasa kaɗai. Digirin da ofishin jakadancin Masar ya halalta ba zai yi aiki a Dubai ba. Sai a koma ofishin jakadancin Daular Larabawa, ko da yake hatiman Najeriya da ke jiki galibi ba sai an sake su ba.

Wani lokaci fom ɗin jami'a ko na kamfani zai ce a kawo afostil. Wannan hatimi guda ne da Yarjejeniyar Hague ta 1961 ta tanada don ya ɗauke wahalar zuwa ofishin jakadanci, amma yana aiki ne tsakanin ƙasashen da dukansu suka shiga yarjejeniyar. Najeriya ba ta ciki, don haka babu ofishin da zai iya buga afostil a takardar Najeriya. Saudiyya ta shiga a 2022, Sin a 2023, amma hakan bai sauya komai ga takardunmu ba, tunda namu ɓangaren bai shiga ba. Ejan da ya ce zai samo maka afostil a Abuja, ko dai bai san aikin ba ko kuma kuɗinka yake hange. Abin yi shi ne a rubuta wa masu neman a sanar da su cewa takardar daga Najeriya take, a tambaye su ko za su karɓi halaltawar ofishin jakadancinsu.

A ɗauki misalin wani matashi a Tudun Wada, mai digirin injiniya, da wani kamfani a Dubai ya ɗauka aiki ya ce ya kawo digirinsa da aka tantance. Kafin ya sayi tikitin jirgin ƙasa a Rigasa, ya fara ajiye digirin kusa da fasfonsa ya karanta sunayen harafi bayan harafi. Idan digiri ya ce Mohammed Sani Abdullahi, fasfo kuma ya ce Muhammad Abdullahi Sani, a nan Kaduna za a fara gyara. Zai yi rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ita ma rantsuwar ta bi sahun hatiman tare da digirin, domin rantsuwar da ba a tantance ba ba ta da nauyi a can. Ya kuma tabbatar digirin na asali ne a hannunsa. Takardar sakamako ta wucin gadi da ake bayarwa kafin digiri ya fito sau da yawa ba a karɓarta.

Daga nan sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a sakatariyar gwamnati da ke Abuja, da digirin da kwafinsa da takardar makin darussa. Kuɗin hukuma ta Remita ake biya zuwa asusun gwamnati, a riƙe rasit. Bayan hatimin ilimi ya hau, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Daular Larabawa. Ko da ya sauka Dubai da sauran aiki, domin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar tana ɗora nata hatimin a kan na ofishin jakadancinta kafin a yi amfani da takardar wajen izinin aiki. A duk tafiyar nan notari ba shi ne ginshiƙi ba, tunda digiri takardar hukuma ce mai sa hannun jami'in da za a iya bin sawunsa. Yana shigowa ne idan an ce kwafi za a tantance maimakon na asali.

Jerin nan ba a juya shi. Wanda ya wuce ofishin jakadanci kai tsaye za a mayar da shi, saboda babu sa hannun da suka sani a jikin takardar. Akwai kuma matsalar leda. Mutanenmu suna son manne takardun karatu a leda don gudun ruwa da gara, alhali hatimi a bayan takarda ake buga shi, tawada kuma ba ta zama a kan leda, sannan mai dubawa ba ya iya taɓa hatimin asali ya ji tudunsa. Ɓare ledar na iya ɗauke rubutun. Wanda bai manne tasa ba, ya bar ta a jakar fayil.

Lamarin yana juyawa idan takardar ta ƙashin kai ce. A ce wani ɗan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana son ya wakilta ƙaninsa da ke Alƙahira ya sayar masa da gida a can. Takardar wakilcin da lauya ya rubuta masa ba hukuma ce ta bayar ba, ba wanda ya san sa hannun Alhaji a ma'aikata. A nan notari ne tushe, domin hatiminsa ne yake ba ma'aikatar abin da za ta tantance. Kada Alhaji ya sa hannu a shago ya aika yaro da takardar, don notari na ƙwarai ba zai shaida sa hannun da ba a yi a gabansa ba. Sunan wakili da lambar fasfonsa su fito daidai, a kuma fayyace abin da aka ba shi iko a kai, gida kaza a unguwa kaza, domin ofishin rajistar can yana iya ƙin wakilcin da bai ambaci ikon sayarwa ƙarara ba. Tunda da Larabci za a karanta ta, a tambaya tun farko ko fassarar da aka yi a Najeriya za ta karɓu. Wasu hukumomin sai ta mai fassarar da ke da lasisi a ƙasarsu suke amincewa, kuma idan a nan aka yi ta, ita ma sai ta sha hatimai tare da ta asali.

Takardun da ke da gajeren wa'adi, irin su takardar shaidar rashin laifi ta 'yan sanda da rahoton lafiya, a bar su zuwa ƙarshe. Watanni kaɗan ake karɓarsu, ana kuma lissafi ne daga ranar da aka bayar da su, ba daga ranar hatimin ƙarshe ba. Wanda ya karɓe su da wuri, ya tsaya jiran jami'a ta amsa wasiƙar tabbatarwa, zai iya isa ofishin jakadanci da takardar da ta riga ta mutu.

Wasu ƙasashe ma ba sa bin wannan hanya gaba ɗaya. Jamus ta daɗe da daina halalta takardun Najeriya. Idan wata hukumar can ta bukata, ofishin jakadancinsu ne yake sa a binciki takardar daga tushe, mai nema ya biya kuɗin binciken. Jami'o'i da dama a Birtaniya da Amurka da Kanada kuwa ba ruwansu da hatimin da ke bayan digiri, abin da suke so shi ne makarantar da mutum ya gama ta aika musu da takardar maki kai tsaye, ko ta hannun wata cibiyar auna takardun karatu da suka zaɓa. Wanda zai nufi irin waɗannan wurare, wasiƙar da suka aiko masa ce za ta faɗa masa ko akwai bukatar zuwa Abuja ko kuma ofishin magatakardar makarantarsa ya wadatar.