Kafso sau uku a rana da azumi: wa aka ce zai yi kaffara?

Tun da aka ga watan Ramadan wata magana take yawo a unguwanninmu na Garwa, daga majalisar shayi zuwa wayoyin mata, wai duk wanda ya haɗiyi magani da rana ya ɗauko wa kansa azumin kwana 60. Wasu kuma suna cewa in ka haɗiye kafso a bushe, ba ruwa, azuminka yana nan. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma a ɗakin magani inda nake aiki ina ganin ɓarnar da suke yi. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma abin da zan faɗa yana cikin littattafan da muke karantawa a zaure.

Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ce wanda ba shi da lafiya ko yake kan tafiya ya rama a wasu kwanaki, kuma Allah sauƙi yake nufi da mu, ba tsanani ba. Mara lafiya da matafiyi sun shiga, haka mai ciki da mai shayarwa in suna jin tsoron cutuwa, da tsohon da ya gaza. Yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, don haka a ba shi maganinsa a kan lokaci ko da yana gwajin azumin rabin yini.

Kaffara, wato ciyar da miskinai 60 ko azumin wata biyu a jere, hukunci ne na wanda ya keta alfarmar watan da gangan ba tare da uzuri ba. Wanda ya sha azumi saboda ciwo, abin da ke kansa ramuwa ce kawai, kwana ɗaya a madadin kwana ɗaya. In ya sha biyar ya rama biyar, kuma yana da sarari har zuwa Sha'aban mai zuwa. Ciyarwar mudu ɗaya a kan kowane yini tana shigowa ne idan ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi bai rama ba alhali yana da iko. Ita kuma ƙwaya, da ruwa ko a bushe, in ta wuce maƙogwaro azumin ya karye. Mai haɗiyar ta a bushe ya yi asara biyu: ga ramuwa a kansa, ga kafso ya manne masa a maƙoshi.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne a kwana na uku da fara shan magani. Zazzaɓi ya sauka, kumburi ya sace, mutum ya koma kasuwa, sai ya tambayi kansa, “To ni yanzu mara lafiya ne?” Yana jin nauyin ya sha azumi alhali yana tafiya da ƙafarsa. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, Muhtasar na Shehu Halil bai tsaya ga wanda ke kwance ba. Ya halatta shan azumi ga wanda yake tsoron ciwon ya ƙaru ko ya daɗe bai warke ba, ya kuma wajabta shi ga wanda yake tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Wannan tsoron ba na zato ba ne, ana gina shi ne a kan maganar likita amintacce ko abin da aka jarraba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda muke kira antibiyotik, daidai nan ya faɗa, domin jin sauƙi yakan riga ƙarewar ƙwayoyin cutar. Abu ɗaya da ake mantawa: a Malikiyya niyya ɗaya ta isa watan duka, amma in ciwo ya katse azumin, sai a sabunta niyya da dare kafin a ci gaba.

Sai dai ba kowane mai antibiyotik ne yake bukatar shan azumi ba. Abin da ke raba gardama shi ne lambar da likita ya rubuta a ordonans, wato takardar magani: sau nawa a rana? A Garwa a watan Maris alfijir yana ketowa wajen 5:10, rana ta faɗi wajen 6:20 na yamma. Wato yinin azumi awa 13 ne da 'yan mintoci, dare kuma bai cika awa 11 ba. Marwa, Kuseri da Njamena ba su yi nisa da wannan lissafin ba. Maganin sau ɗaya a rana, kamar azitromisin, ba shi da matsala, a zaɓi lokaci ɗaya a tsaya a kai. Na sau biyu ma yana shiga, ɗaya da buɗa-baki, ɗaya a ƙarshen sahur. Tazarar ba ta zama 12 da 12 cif ba, ta zama kusan 11 da 13, kuma ga yawancin irin waɗannan magunguna likitoci suna yarda da hakan. Sharaɗin shi ne a jinkirta sahur zuwa kusa da alfijir. Mai yin sahur ƙarfe 3 ya koma barci ya mayar da tazarar yini awa 15.

Sau uku da sau huɗu su ne ba sa shiga. Kawuna, tela ne a kasuwa, haƙori ya kumbura masa har kumatu, aka rubuta masa amoksisilin miligiram 500 sau uku a rana. Bayan kwana biyu ya zo wurina da fuska a ɗaure, kumburin bai sauka ba. Na ce, “Kawu, yaya kuke sha?” Ya ce, “Ɗana, ban tsallake ko ɗaya ba. Ɗaya da shan ruwa, ɗaya bayan asham, ɗaya da sahur.” Na ɗauki biro na zana masa a bayan kwalin: 6:30 na yamma, 9 na dare, 4:30 na asuba. Tsakanin na farko da na biyu awa biyu da rabi, daga sahur zuwa magariba kuwa awa 14 babu komai.

Sau uku a rana ma'anarsa duk bayan awa 8. Amoksisilin ba ya daɗewa a jiki, cikin kusan awa ɗaya rabin abin da ke cikin jini ya fita ta fitsari, haka yake ta raguwa. Aikinsa kuma ya dogara ne da tsawon lokacin da ya yi yana nan a kan ƙwayoyin cutar, ba da yawan da aka antaya lokaci guda ba. Don haka tun kafin azahar Kawu ba shi da wani magani a jiki, ƙwayoyin cutar suna samun yini guda suna farfaɗowa. Shi ya sa ma dabarar haɗa biyu da sahur “don ya riƙe yini” ba ta aiki. Ba ta ƙara wa maganin tsawon rai sai ɗan kaɗan, amma tana ƙara tashin zuciya da gudawa.

Hanya biyu ce gaban Kawu. Ta farko ya koma wurin wanda ya rubuta masa ordonans ya ce yana azumi. Ga wasu cututtukan likita yana iya mayar da amoksisilin giram 1 sau biyu a rana, ko ya sauya wani maganin. Wannan shawarar likita ce, domin tana bin irin ciwon, nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa, ba abin da mai tebur a kasuwa zai yanke ba ne, ni ma ban yanke masa ba. Ta biyu, in likita ya ce sai dai awa 8 ɗin, ya sha azumin kwanakin maganin ya rama. Kawu ya koma, aka mayar masa sau biyu, aka kuma yi aikin haƙorin, don magani kaɗai ba ya fitar da mugunyar da ta taru. Wanda aka ba kuloksasilin sau huɗu a rana, kuma ciki babu abinci, shi kam babu yadda za a cusa masa wannan a cikin dare ɗaya. Allura kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta ce allurar magani a tsoka ko a jijiya ba ta karya azumi, ban da ruwan da ake ƙarawa a madadin abinci. Amma kada wannan ya sa mutum ya matsa wa likita sai allura alhali ƙwaya ce ta dace da ciwonsa.

Saura batun ciki. Bayan awa 13 ba ci ba sha, kada kafso ya zama abin da zai fara sauka. A buɗe baki da dabino da ruwa, a ɗan sha kunu da ƙosai, sannan magani ya biyo. Amoksisilin mai haɗin kilabulanik a farkon cin abinci ake shan sa, nan ne ya fi sauƙi ga ciki. Metronidazol, wanda aka fi sani da filajil, shi ma tare da abinci.

Guda biyu ne suke rikici da abincinmu na azumi. Siprofuloksasin ba ya jituwa da nono, kindirmo da madara, haka da maganin gyambon ciki da ƙwayar ƙarin jini, domin sinadaran da ke cikinsu suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jini. Mai shan sa da fura da nono a sahur zai ga kamar maganin jabu ne, alhali nonon ne ya cinye shi. A sha shi da ruwa zalla, nono ya jira aƙalla awa biyu, in kuma sahur ne a haƙura da nonon har kwanakin su wuce. Doksisiklin kuwa yana ƙona maƙoshi in ya tsaya a hanya. A sha shi da kofi cike da ruwa, a zauna a miƙe aƙalla rabin awa. Ga mai sahur, ya sha ya tafi masallaci, kada ya koma shimfiɗa. In an ji zafi a bayan ƙashin ƙirji ko haɗiya ta zama wuya, alamar ke nan.

Wanda ya makara bai tashi sahur ba, ya rasa shan asuba, kada ya ninka da magariba, ya sha ɗaya ya ci gaba. Amma in ciwon mai nauyi ne, kamar na huhu ko na ƙoda, ya sha maganin a lokacin da ya farka ya rama yinin. Kuma zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura 40, don haka gudawa da azumi ba abin wasa ba ne. In zawo ya yawaita, fitsari ya yi ja ya ragu, jiri na ɗiba in an miƙe, ko zazzaɓi ya dawo, a sha ruwa nan take a tafi asibiti. Ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi kuwa, a tsayar da maganin a garzaya.

Ni a ganina hukuncin ba shi da tsauri ko kaɗan, mu ne muka tsananta wa juna. Mai ofis zai rufe ƙofa ya sha maganinsa ba wanda ya sani, amma mai babur ko ɗan dako in aka gan shi da ledar ruwa da azahar, kafin la'asar an gama da shi a unguwa. Saboda wannan kunyar ne mutane da yawa suke ajiye kwali rabi su ce sai bayan salla. Don haka duk wanda ya miƙo mini ordonans a watan nan, kafin in ɗauko magani nakan tambaye shi ko yana azumi, sannan in rubuta masa lokutan a jikin kwalin da ƙarfe-ƙarfe, ba “safe, rana, dare” ba.