Wai mene ne "fangas" da ake ta cewa ya kama mage?

Tunda aka shiga yayin kiwon magunan nan masu dogon gashi, ko ina ka leƙa sai ka ji wai magena ta kamu da fangas, wani ma ƙuma ce ke cin dabbarsa amma shi dai fangas ne. Abin da likitan dabbobi ke nufi shi ne makero, wanda muka sani a jikin yara. Dangin fumfuna ne mai cin gashi da saman fata, shi ya sa maganin tsutsar ciki ko kafso na kashe bakteriya ba sa yi masa komai. A mage kusan duk lokaci iri ɗaya ne, Microsporum canis, haka za ka ga an rubuta a takardar gwaji. Gashi ya kakkarye ya bar fili mai garin fata a kunne ko fuska ko ƙafa, sau da yawa ma ba ta susa sosai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar fitila. Wani zai sayo tocilan mai shuɗin haske ta duba kuɗin jabu ya haska mage, ya ga wani abu ya yi fari-fari, shikenan ya yanke hukunci. Fitilar da likitoci ke duba makero da ita, wadda ake kira fitilar Wood, haskenta na musamman ne mai tsawon zango wajen nanomita 365, ana kunna ta a ɗaki mai duhu, a kawo ta kusa da fata kamar santimita 2 zuwa 4. Kuma silin gashin kansa ake so ya yi kore shar, saboda wani sinadari da fangas ɗin ke bari a cikinsa. Garin fata, zaren bargo, sabulu, man shafawa, duk suna iya ƙyalli fari ko shuɗi kuma ba komai ba ne. Idan bai haska ba hakan bai wanke magen ba, don akwai wasu irin fangas da ba sa haskawa sam. Aikin fitilar kawai ta nuna wa likita gashin da zai tsige ya kai gwaji.

Gwajin shi ne kolca, wato a shuka abin a ga ko zai tsiro. A ce ƴar mage ce ƴar wata uku da fili a bayan kunne. Likita zai ɓare sabon buroshin haƙori ya taje ta da shi na minti 2 ko 3, wurin ciwon a ƙarshe, sai ya danna bakin buroshin a faranti mai DTM, wani abu mai kamar jeli launin ruwan ɗorawa. A ajiye a ɗumi kamar digiri 25 zuwa 30, a riƙa dubawa kullum har mako biyu, wani lokaci uku. Fangas na makero furotin yake fara ci, to hakan ke sa jelin ya koma ja a daidai lokacin da farin abu mai laushi ya fara tsirowa. A nan ake tafka kuskure, fumfunar ƙura ma tana iya mayar da shi ja amma daga baya, bayan ta riga ta girma, kuma ita baƙa ce ko koriya. Wanda ya jefa farantin a durowa sai bayan kwana goma ya buɗe ya ga ja, bai san wanne ya riga wani ba. Dole a ɗebo a duba a maikuroskop a tabbatar. Kuma ko ya tsiro, mage tana iya kwaso ƙwayoyin a gashinta daga ɗaki ba tare da ta kamu ba, shi ya sa ake komawa jikinta da fitila a nemi ciwon.

Mutanen gida kam yana kama su, ba sai an tsaya musu ba. Mako ɗaya zuwa uku bayan taɓawa sai ka ga zobe mai ƙaiƙayi a hannu ko wuya, inda ake rungumar ta. Yara da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su suka fi kwasa. Na fata man shafawa na fangas yakan isa, amma idan a fatar kan yaro ne sai maganin sha na makonni daga asibiti, don ya shige cikin gashi inda mai ba ya kai wa. A guji kirim ɗin kemis mai haɗe da sitiroyid, ja ɗin zai kwanta amma ciwon na ta yaɗuwa.

Gashin da ta zubar yana iya riƙe ƙwayoyin sama da shekara, to a killace ta a ɗaki mai tayil, a kwashe gashin kafin a goge da bilic, a wanke shimfiɗarta sau biyu. Don Allah banda shafa mata baƙin mai ko amfani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai sinadarin fenol, mage lasar jikinta take, guba ne a gare ta. Kuma fitowar sabon gashi ba ita ce warkewa ba, sai an sake kolca an ga bai tsiro ba kafin a mayar da ita gadon yara.