Jan ido da farin ido a hotunan yara: amsoshin da na gaji da maimaitawa

"Me ya sa idon yarona yake fitowa ja a hoto, alhali a zahiri lafiyarsa ƙalau?"

Jini ne kike gani, kuma a inda ya kamata yake. Hasken filasha yana shiga ta baƙin ɗigon tsakiyar ido, ya daki bangon can ciki mai cike da ƙananan jijiyoyin jini, ya dawo cikin kyamara da launinsu. Idan duka idanun biyu sun yi ja iri ɗaya, alama ce mai kyau, domin hasken ya shiga ya fito babu abin da ya tare shi.

"To me ya sa ya fi kama yara? Ni da nake kusa da shi nawa bai yi ba."

A cikin duhu tsakiyar idon yaro tana buɗewa har wajen milimita 7 ko 8, ta babba kuwa tana raguwa da shekaru. Filashar kyamara tana ƙyaftawa ta wuce kafin ido ya soma tsukewa. Ga shi yaro ba ya kau da kai, kyamarar yake ƙura wa ido.

"Wace manhaja zan saya?"

Kada ka sayi komai. Duba wajen gyaran hoto na wayarka tukuna, wasu suna da alamar ido da aka ja wa layi, ka taɓa ta ka taɓa kowane ido. A kwamfuta GIMP kyauta ne, yana da `Filters > Enhance > Red Eye Removal`. Mai Photoshop yana da `Red Eye Tool`.

"Na danna, sai leɓen yarinyar da jar rigarta suka koma toka-toka."

Saboda ba ki zagaye idon ba. Abin ja kawai yake nema, bai san ido ba bai san riga ba. Ki zagaye tsakiyar idon ita kaɗai sannan ki danna. Kullum sai na faɗi wannan.

"Na gyara, amma idon ya zama kamar na 'yar tsana, babu rai a cikinsa."

Ka shafe ɗan farin ɗigon nan mai sheƙi da ke kan idon, shi ne yake sa ido ya yi kama da na mai rai. Ko kuma ka zuba baƙi wuluk har ya hau kan zoben ido mai launi.

Ga yadda nake yi da hannu, kuma ya fi maɓallin nan tsabta. Kowane ɗigo a hoto haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi. A jan ido, jan ne kaɗai ya yi yawa, koren da shuɗin suna nan da duhunsu yadda ya dace. Saboda haka ba fenti ake buƙata ba, jan za a zubar a cike gurbinsa da sauran biyun. Ka buɗe kwafin hoton a GIMP, ka ƙara girmansa kamar sau uku, ka ɗauki `Ellipse Select`, ka sa `Feather edges` a 1 ko 2 don kada gefen ya yi kaifi, sannan ka zagaye jan. Sai ka shiga `Colors > Components > Channel Mixer`, a sashen ja ka sa:

```
Red   0.0
Green 0.5
Blue  0.5
```

A Photoshop 0 da 50 da 50 ne cikin ɗari. Jan zai koma duhu, farin ɗigon kuma ba zai taɓu ba, domin shi koren da shuɗinsa ma a cike suke. Idan ka ga siririn jan zobe ya rage a gefe, da'irarka ta yi ƙanƙanta, ka faɗaɗa ta kaɗan ka sake. Idan launin ruwan ƙasa na zoben idon ya dushe, ta yi girma. Ka mayar da hoton girmansa na asali kafin ka yanke hukunci, don a ƙure kowane gyara muni gare shi.

"Nawa ba ja ba ne. Ido ɗaya ja, ɗayan fari ne yana ƙyalli kamar na kyanwa, kuma abin cire jan ido ya ƙi kama shi. Yaya zan goge?"

Dakata da gogewar tukuna. A nan zan tsawaita, kuma ina so ki karanta har ƙarshe, kada ki tsaya a inda ya ba ki tsoro, kada kuma ki tsaya a inda ya kwantar miki da hankali.

Abin ya ƙi kamawa ne don ja yake nema, nan kuwa babu ja. Wannan shi ne ƙaramin al'amari. Babban shi ne me ya hana hasken dawowa ja. Ɗayan biyu ne, ko dai ya sauka a wani wuri mai haske a bangon idon, ko kuma wani abu ya tare shi a hanya.

Na farkon yana faruwa ga ido mai cikakkiyar lafiya. A bangon ido akwai wani ɗan fili fari-fari inda jijiyar gani take fita zuwa ƙwaƙwalwa. Idan yaro bai kalli kyamara kai tsaye ba, ya ɗan karkata kamar digiri 15, filasha tana iya sauka daidai kan filin nan a ido ɗaya, sai ya fito fari ko rawaya-rawaya, ɗayan kuma ya fito ja. Wannan kan zo a hoto ɗaya, a na gaba ya ɓace.

Na biyun shi ne dalilin da ya sa nake ɗaga murya. Farin tsakiyar ido yana iya zama yanar ido da aka haifi yaro da ita. Yana iya zama cutar Coats, wadda jijiyoyin jinin bangon ido suke yoyo, ta fi kama yara maza kuma galibi ido ɗaya, ƙyallinta yakan karkata zuwa rawaya. Yana iya kuma zama ratinobilastoma, sankarar bangon ido, wadda take kama kusan yaro 1 cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara 5. Ba ta da yawa, gaskiya ne. Amma farin nan shi ne alamarta da aka fi fara gani, sau da dama ma a hoto, tun yaron yana wasansa ba ya kukan ciwo. Idan an kama ta tun tana cikin ido ana warkar da mafi yawan yaran, wani lokaci har a tsirar da ganin. Idan ta fita daga idon, magana ta canja.

To, yaya za ki bambance? Daga hoto kaɗai ba za ki iya ba, ni ma ba zan iya ba, kada ki turo mini in duba. Abin da za ki iya shi ne tara shaida. A ce yarinya ce 'yar wata 18, kina da hotunanta 12 da aka ɗauka da filasha cikin watannin baya. Ki jera su, ki ƙara girman idanun ɗaya bayan ɗaya. Idan farin a hoto 1 ne, tana kallon gefe, sauran kuma duka idanun ja ne iri ɗaya, ya fi kama da filin jijiyar nan. Idan a hotuna 3 ne ko 4, kullum idon hagu, har da inda take kallon kyamara sosai, wannan ba na jira ba ne. Haka idan ido ɗaya kullum ja ne ɗayan kullum duhu, ko kin lura da harara-garke, ko kin taɓa hango ƙyallin da idonki a ɗaki mai ƙarancin haske, ko akwai wanda ya yi sankarar ido yana yaro a danginku.

Sai dai ko hoto ɗaya ne, ni dai zan ce a kai ta a duba, musamman in ba ta kai shekara 5 ba, domin ƙari da yake gefe ɗaya na bangon ido shi ma ba ya fitowa a kowane hoto, sai hasken ya faɗa kansa. Gwajin farko ba shi da zafi. Likita zai rage hasken ɗaki, ya haska idanun da 'yar fitilar duba ido, ya ga ko jan yana dawowa daidai a duka biyun. In akwai shakka, likitan ido zai ɗiga maganin buɗe ido ya duba har ciki. Ki je cikin kwanakin nan, kada ki bari sai wata mai zuwa. Ki tafi da hoton na asali a wayar da ta ɗauka, domin wanda aka yi ta turawa ta manhajar hira an matse shi, idon ya dagule.

Ki kwantar da hankalinki, da yawa cikin masu zuwa ana sallamarsu da cewa kusurwar hoto ce kawai. Amma likitan ne zai faɗa.

Bayan an duba, gyaran ba wuya. Dabarar musanya launi ba za ta yi aiki ba tunda ukun duka sun cika, dole sai fenti. Ki buɗe sabon `Layer` a kan kwafin, ki zagaye farin, ki cike da baƙi mai ɗan sauƙi irin `#141414`, ki rage `Opacity` zuwa wajen 90. Sannan ki ɗiga ƙaramin farin ɗigo a daidai wurin da yake a ɗayan idon. In na can yana sama ta dama, nan ma sama ta dama, in ba haka ba yarinyar za ta fito tana harare-harare. Mai Lightroom yana da `Pet Eye`, an yi shi don dabbobi amma yana kama irin wannan.

"Zan iya gyarawa in goge na asalin? Waya ta cika."

A'a. Goge wani abin dabam.

"Na kunna saitin rage jan ido, amma yaran sai su fito ido a rufe."

Haka yake yi. Yana ƙyafta haske kafin ainihin ɗauka don ido ya tsuke, yaro kuwa da ya ga na farko ya ɗauka an gama, sai ya ƙifta ko ya juya. Ni a kashe nake barinsa wajen yara. Kunna fitilun ɗakin ya fi shi, idon zai tsuke da kansa.

"Na matsa baya don hasken ya ragu, sai jan ya ƙaru. Ta yaya?"

Kusurwa ce take aiki a nan, ƙarfin hasken ba shi ne matsalar ba. Filasha da ke santimita 2 daga idon kyamara, yaro a mita 3, tazarar da ke tsakanin hanyar shigar hasken da ta dawowarsa ba ta kai rabin digiri ba, kusan layi ɗaya ke nan. Ka ƙara nisa, ta ƙara tsukewa. Ka ɗaga filashar santimita 20 sama da kyamara, kusurwar ta ninka kamar sau goma, hasken da ya dawo sai ya wuce ta gefe. Saboda haka ka matso kusa, ko ka juya kan filashar zuwa farin rufin ɗaki in tana juyuwa. Mai waya kuwa filasharsa ba ta matsuwa, ya kashe ta ya kai yaron bakin taga.

"Filashar tana lalata idon jariri?"

Hoton gida na yau da kullum, daga mita ɗaya ko fiye, ba ya lalatawa. Kada dai ka kafa masa ita a fuska kana ta dannawa, zai yi kuka kuma hoton ba zai yi kyau ba.