Kamasho: wa ke biyan mai ba ka shawara kan kuɗinka?

Kamasho shi ne kason da kamfani ke ba mutumin da ya kawo masa mai zuba kuɗi. A harkar zuba jari da inshora, yawancin masu zama da kai su ce "sa kuɗinka nan, kada ka sa can" da shi suke cin abinci, shi ya sa ba sa tambayarka ko sisi. Ba haramun ba ne, ba kuma zamba ba ce. Abin da ya sa ya kamata a san shi dai shi ne, duk wanda hannun wani ke biyansa, akwai ranar da amfaninsa zai ci karo da naka, kuma kai ba za ka gani ba sai an faɗa maka. A kasuwar Sabon Garin Zariya kowa ya san dillali yana da la'ada a gun mai kaya, don haka ba wanda ke ɗaukar yabonsa a matsayin fatawa. Amma da an shiga ofis mai sanyi a unguwar PZ, an ga kwat da takardu, sai mu manta da wannan.

Hanyoyin biyan mai ba da shawara ba su wuce uku ba. Ko dai kai ka biya shi tsayayyen kuɗi a kan aikin da ya yi maka, ko ya riƙa cire wani kaso duk shekara daga jarin da yake kula maka da shi, ko kuma kamfanin da ya kai ka ya ba shi kamasho. Na farkon ya fi tsabta, amma ya fi wuyar samu, domin mutanenmu ba su saba biyan kuɗi a kan magana ba. Na biyun yana so jarinka ya ƙaru, gaskiya ne, sai dai ba zai ji daɗi ba ranar da ka ce za ka cire rabi ka sayi gona a hanyar Giwa, ko da hakan ne ya fi maka. Na ukun kuwa ya gama samun nasa ranar da ka sa hannu.

Inda abin ya fi fitowa fili a Zariya, garin da ke cike da ma'aikatan jami'a da asibiti da kwalejoji, shi ne lokacin ritaya. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, bayan an ba mutum dunƙulallen kasonsa, sauran kuɗin yana da zaɓi biyu. Ko ya bar su a kamfanin fanshonsa ana biyansa wata-wata daga asusunsa, ko ya kwashe su ya ba kamfanin inshora ya sayi abin da ake kira anuwiti, wato biya har ƙarshen rayuwa. A ce wani malami a Samaru ya kai wannan gaɓar. Wani matashi daga kamfanin inshora zai zo har gida ya durƙusa ya ce, "Baba, ku dawo wurinmu, namu ba ya yankewa muddin kuna raye." Gaskiya ya faɗa. Ma'aikacin kamfanin fansho kuma zai ce, "Ranka ya daɗe, ku zauna inda kuke, idan ta Allah ta kasance abin da ya rage a asusu na magada ne." Shi ma gaskiya ya faɗa. Amma na farkon yana da kamasho idan Baba ya tashi, na biyun kuma kamfaninsa yana ci gaba da samun kaso idan Baba ya zauna. Kowannensu zai taƙaita inda nasa ke da rauni. A anuwiti, shekara 10 ne aka lamunce: idan mutum ya rasu kafin su cika, magada na karɓar na ragowar lokacin, idan kuma ya haura su, babu abin da ya rage musu. A ɗaya ɓangaren, asusu abu ne mai iyaka, tsawon rai na iya cinye shi. Sannan wanda ya koma anuwiti ba ya da hanyar dawowa tsarin farko. Shawarar da ba a warware ta irin wannan bai kamata a yanke ta a zama ɗaya da mai kamasho a kai ba.

Dunƙulallen kason ma yana da nasa lissafin, kuma a nan ne ƙananan kaso ke yaudara. A ce naira miliyan 5 ne, aka kawo wa Baba asusun zuba jari guda biyu, a ce kuma dukansu suna samar da 15 cikin 100 a shekara, don sauƙin lissafi kawai. Bambancinsu shi ne ɗaya yana cire 2 cikin 100 duk shekara fiye da ɗayan, kuma daga irin wannan cirewar ake biyan wanda ya kawo mutum. Da baki, kashi 2 ba komai ba ne. Amma idan ba a taɓa kuɗin ba har shekara 10, wanda ya tafi a kan 15 zai kai kusan miliyan 20.2, wanda ya tafi a kan 13 kuwa bai kai miliyan 17 ba. Sama da miliyan 3 ke nan suka tafi, ba tare da Baba ya taɓa ciro naira ɗaya daga aljihu ya miƙa wa kowa ba. A ganina da ya biya wani naira 50,000 a fili ya duba masa takardun biyu, da ya fi masa araha nesa ba kusa ba.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce mafi nauyin baki: "Yarona, idan na sa hannu a nan, nawa za ka samu, kuma wa zai biya ka?" Kunya ce ke hana mu, musamman idan ɗan unguwa ne ko ɗan aboki. Mai gaskiya zai faɗi adadi. Wanda ya ce "ai kyauta ne, Baba" bai amsa ba. A bi ta da wata: me ya fi wannan arha da ba ka kawo mini ba? Sai kuma batun fita, wato nawa za a yanke idan buƙata ta taso bayan wata shida. Duk amsar da aka bayar, a ce a rubuta.

Binciken rajista ba ya ɗaukar lokaci. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ake ratayewa a bango shaida ce kawai cewa kamfani ya yi rajistar suna, ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Masu ba da shawarar zuba jari da masu kula da asusu da dillalan hannun jari hukumar SEC ce ke yi musu rajista, kuma jerin sunayensu yana shafinta, sec.gov.ng. Inshora na ƙarƙashin hukumar NAICOM, fansho na ƙarƙashin hukumar PenCom. A duba sunan, a kuma duba aikin da aka ba shi izini, domin mai izinin ba da shawara kaɗai ba shi da hurumin riƙe kuɗin kowa. Idan lambar asusun da aka ba ka ta mutum ce ba ta kamfani ba, magana ta ƙare a nan.

Akwai kuma kamashon da shi kansa alamar haɗari ne: wanda ake ba ka kai don ka kawo 'yan'uwanka, haɗe da alƙawarin riba mai yawa wadda ba ta faɗuwa. Da shi tsarin zuba kuɗi na MMM ya yaɗu kafin ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, da shi makamancinsa CBEX ya yaɗu kafin ya ruguje a Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari. Sau da yawa wanda ya jawo mutum ciki abokin aikinsa ne ko surukinsa, wanda shi ma nasa kuɗin na ciki, kuma bai taɓa tambayar daga ina kamashon da ake ba shi yake fitowa ba.