Waiwaye: Ƙa'idar Kelly, da dalilin da ya sa 'yan kasuwa ke ɗaukar rabinta kawai

A shekarar 1956 wani masanin kimiyya da ke aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, John L. Kelly, ya wallafa maƙala a mujallar cibiyar. Ba ɗan kasuwa ba ne. Yana bin sawun abokin aikinsa Claude Shannon ne, wanda a 1948 ya auna yawan bayanin da zai iya bi ta waya mai hayaniya ya isa lafiya. Kelly ya kwatanta mutumin da ke samun labarin sakamakon wasa ta wayar sirri kafin kowa ya ji, amma wayar kan yi kuskure lokaci-lokaci. Nawa ne daga cikin kuɗinsa ya kamata ya riƙa zubawa a kowane zagaye? In ya zuba duka, ranar da wayar ta yaudare shi ya tashi a tutar babu. In ya zuba ɗan mitsitsi, ya yi asarar fifikon da yake da shi. Kelly ya nuna cewa a tsakanin biyun akwai kaso guda da ke sa jari ya fi saurin haɓaka idan tafiya ta yi nisa:

```
f = p - q/b
```

A nan `f` shi ne kason jarin da za a zuba, `p` yiwuwar cin nasara, `q` yiwuwar faɗuwa, `b` kuma ribar da ake samu a kan kowace dala ɗaya idan an ci. Idan lissafin ya ba da sifili ko ƙasa da haka, amsar ita ce kada a zuba ko kwabo, kuma haka yake fitowa ga kusan duk mai zuwa shagon caca, domin fifikon yana hannun mai shagon.

Mu ɗauki cinikin da ke cin nasara sau 60 cikin 100, wanda in an ci a sami daidai abin da aka zuba, in an faɗi a rasa shi. Ƙa'idar ta ce a zuba kashi 20 cikin ɗari na abin da ke hannu a kowane zagaye. Mai dala 1,000 da ya yi zagaye 100, ya ci 60 ya faɗi 40, zai ƙare da kusan dala 7,500. Wanda ya zuba kashi 10 kawai zai ƙare da kusan 4,500. Wanda zari ya ɗiba ya riƙa zuba kashi 40, a kan wannan ciniki mai kyau da wannan sa'ar iri ɗaya, zai ƙare da kimanin dala 780, wato ƙasa da abin da ya fara da shi. Dalilin shi ne riba da asara ninkuwa suke yi a kan juna: wanda ya rasa kashi 40 na jarinsa sai ya ci kusan kashi 67 kafin ya dawo inda yake.

Kelly ya rasu a 1965 yana da shekara 41. Wanda ya fitar da ƙa'idar daga takarda shi ne Edward Thorp, malamin lissafi da ya haɗu da Shannon a jami'ar MIT. Ya fara gwada ta a teburin karta a jihar Nevada farkon shekarun 1960, daga baya ya kai ta kasuwar hannayen jari, inda asusunsa na Princeton Newport Partners ya shafe kusan shekara ashirin yana cin riba. A 1961 Leo Breiman ya tabbatar a lissafe cewa idan lokaci ya yi tsawo, babu wata dabara dabam da za ta wuce ta. Sai dai Paul Samuelson, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1970, bai yarda ba. Hujjarsa ita ce saurin haɓakar jari ba shi ne burin kowa ba, kuma “idan lokaci ya yi tsawo” na iya wuce tsawon ran mutum. A 1979 har maƙala ya rubuta da kalmomi masu gaɓa ɗaya-ɗaya don kowa ya gane. A ganina yana da gaskiya a wannan gaɓar, kuma abin da 'yan kasuwa suka koma yi a aikace, wato zuba rabin kason da ƙa'idar ta ce kawai, ya nuna su ma sun ji.

Hanyar da cikakken kason ke bi tana da gargada sosai. A misalinmu, faɗuwa biyar a jere, abin da ba baƙo ba ne cikin zagaye ɗari, na mayar da dala 1,000 zuwa kusan 328. Lissafi ya nuna cewa mai bin cikakken kaso yana da yiwuwar kusan ɗaya cikin uku na ganin jarinsa ya rabe biyu kafin ya ninka. Ga mai bin rabin kaso, yiwuwar na sauka zuwa kusan ɗaya cikin tara, kuma abin da ya sadaukar kwata ne kawai na saurin haɓakar. Mai juya kuɗin jama'a ba ya da damar cewa a yi haƙuri lissafi zai gyara. Masu kuɗin za su janye tun kafin a kai can.

Babban dalilin kuwa ya fi wannan zurfi. Ƙa'idar ta ɗauka cewa ka san `p`. A teburin karta ana iya ƙirga shi, amma a kasuwa ƙiyasi ne daga cinikin baya, kuma ƙiyasin kan karkata wajen alheri, domin dabarar da ta yi kyau da aka gwada ta a kan cinikin baya ita ake zaɓa, ko da rabin kyanta sa'a ce. A ce ɗan kasuwa ya ɗauka yana cin 60 cikin 100, alhali gaskiyar 55 ce. Ƙa'idar ta gaskiya za ta ce kashi 10, shi kuwa yana zuba 20, wato ninki biyu ba tare da ya sani ba. Bayan zagaye 100, cin 55 da faɗuwa 45, zai tarar yana nan kusa da dala 1,000 ɗinsa, duk da tashin hankalin da ya sha. Da rabin ƙiyasinsa ya zuba, da ya tashi da kusan 1,650. Kuskuren bai da nauyi ɗaya a ɓangarorin biyu: mai zuba ƙasa da kima tafiyarsa ce ke raguwa, mai wuce kima kuwa yana ƙara haɗari yana rage riba a lokaci guda. Kuma zagaye ɗari ba su isa su bambance maka 55 da 60 ba, don haka alamar farko da za ka gani yawanci faɗuwar jari ce da ta fi zurfin da lissafinka ya yi hasashe.

Akwai ƙarin tarko. Mai riƙe da ciniki biyar a lokaci guda, kowanne da nasa kason, idan duk suna faɗuwa tare ranar da kasuwa ta rikice, to ciniki ɗaya yake riƙe da shi mai ninki biyar. Haka kuma asara a kasuwa kan tsallake iyakar da aka sa mata idan farashi ya yi tsalle cikin dare.

A 2016 Victor Haghani da Richard Dewey sun ba da rahoton gwajin da suka yi da mutum 61, galibi ɗaliban harkar kuɗi da matasan ma'aikatan kamfanonin zuba jari. An ba kowa dala 25 da minti 30 ya riƙa caca a kan jefa kwabo, aka faɗa musu ƙarara cewa kwabon zai faɗi a fuska ɗaya sau 60 cikin 100. Iyakar abin da za a biya kuwa dala 250 ce. Kashi 28 cikin ɗari sun ƙare ba ko sisi, kashi 21 ne kawai suka kai iyakar, alhali zuba kashi 10 zuwa 20 a kai a kai zai kai mafi yawansu can. Haghani yana cikin waɗanda suka kafa asusun Long-Term Capital Management, wanda ya durƙushe a 1998 saboda bashin da ya ɗora a kan cinikinsa ya fi ƙarfin jarinsa.